Sanarwa nawa ce ta yi yawa?

Duk mai manhaja da ke tura wa mutane sanarwa a waya yana da lamba guda da yake fara dubawa da safe: cikin mutum ɗari da aka tura wa saƙon jiya, nawa ne suka taɓa shi suka shiga. Idan lambar ta hau a yi murna, idan ta sauka a kira mai rubuta saƙonnin a ce ya ƙara wa kanun gishiri. Lambar tana da amfaninta, amma akwai tambayar da ba ta iya amsawa, kuma ita ce mafi nauyi: yaushe ne turawar ta kai inda mutane suka fara shiga saitin waya suna toshe mu? Wanda ya buɗe sanarwa yana barin sawu a rahotonka. Wanda ya kashe ta kuwa shiru yake yi, sabarka kuma ta ci gaba da ce maka saƙonsa ya tafi lafiya lau.

Sai mu fara da ita kanta lambar, domin sau da yawa mutum biyu a ofis ɗaya suna gardama a kanta alhali ba abu ɗaya suke aunawa ba. Sanarwa tana ratsa zango huɗu kafin a ce an buɗe ta. Sabarka ta miƙa ta ga Google ko Apple, ta isa wayar mutum, ta bayyana a allonsa, sannan ya taɓa ta. A shafin rahoton Firebase Cloud Messaging, wato tsarin Google na tura sanarwa, za ka ga waɗannan zangunan da sunayen `Sends`, `Received`, `Impressions` da `Opens`, kuma biyun tsakiya na Android ne kaɗai. A wajen iPhone sabar Apple tana karɓar saƙo ta ce ta karɓa, amma ba ta dawo maka da shaidar cewa ya sauka a wayar wane ba, sai in ka sa wa manhajarka ƙarin sashe da zai aiko maka da labari duk lokacin da saƙo ya iso. Haka kuma idan saƙonninka nau'in `data` ne, wato manhajarka ce ke haɗa sanarwar da kanta ta nuna, to kai ne za ka rubuta lokacin da ta bayyana da lokacin da aka taɓa ta.

Yawan buɗewa shi ne adadin taɓawa a raba da ɗaya daga cikin zangunan farko uku, kuma wanda ka zaɓa shi ke yanke maka labarin da za ka ji. Idan ka raba da abin da aka tura, ka haɗa har da wayoyin da suka lalace, da waɗanda aka sayar a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano aka goge, da na mutanen da suka daɗe da toshe ka. Lambar za ta yi ta zamewa a hankali ko da saƙonninka ba su canja ba, don matattun adireshi suna taruwa a ƙasa. Idan kuma ka raba da abin da ya bayyana a allo, to ka sami lamba mai tsafta, sai dai tana da nata tarkon da ya fi na farko haɗari. Wa ke kashe sanarwa? Galibi wanda dama ba ya buɗewa, abin ya ishe shi. Ranar da ya kashe, ya fita daga lissafin. Waɗanda suka rage su ne masu buɗewa, saboda haka lambar sai ta hau. Mai manhaja zai iya rasa mutum ɗaya cikin goma a wata guda, rahotonsa na nuna masa cewa abubuwa suna gyaruwa.

Akwai kuma abin da taɓawa ba ta kamawa sam. Ɗan kasuwa ya ga sanarwar farashin buhun masara a saman allo, ya karanta, ya mayar da waya aljihu. Bai taɓa ba, amma buƙatarsa ta biya, kuma gobe zai so a sake turo masa. Wani kuma an turo masa "Kada ka bari wannan ya wuce ka!", ya taɓa don ya ga mene ne, ya tarar ba komai, ya fita da haushi. A rahoto na farkon asara ne, na biyun nasara. Duk wanda ya ɗaure albashin mai rubuta saƙo da yawan buɗewa, irin saƙo na biyun zai yi ta samu.

To yaya ake gane an kashe ka? Abu na farko da ya kamata mai manhaja ya riƙe shi ne, kashe sanarwa ba ya kashe `token`, wato adireshin da ake tura wa wayar saƙo. Saƙon zai tafi, wayar za ta karɓa, tsarin wayar ne zai ƙi nuna shi. Kuskuren da sabar ke dawowa da shi, `UNREGISTERED` a Firebase ko lamba 410 a wajen Apple, yana nufin adireshin ya mutu, kamar idan an cire manhajar ɗungurungum. Wannan ma'auni ne na daban, kuma yana da kyau a ajiye shi gefe guda, don wasu ba sa tsayawa neman inda ake kashe sanarwa, cire manhajar kawai suke yi.

Hanyar sanin an kashe ita ce manhajar ta tambayi wayar da kanta. A Android, duk lokacin da aka buɗe manhajar sai a duba wannan a aika wa sabar amsar tare da kwanan wata:

```kotlin
val kunne = NotificationManagerCompat.from(context).areNotificationsEnabled()
```

A iPhone kuma `getNotificationSettings` ke ba da irin wannan amsar. Raunin hanyar a fili yake: ba za ka ji labari ba sai mutumin ya sake shigowa, kuma wanda ya toshe ka don ya gaji shi ne wanda zai daɗe bai shigo ba. Saboda haka adadin da za ka gani kullum ya gaza na gaskiya. Daga Android 9 zuwa sama akwai sauƙi, domin wayar tana aiko wa manhaja da shela mai suna `ACTION_APP_BLOCK_STATE_CHANGED` a lokacin da aka toshe ta ko aka sake buɗe ta. Wanda ya saurari wannan shelar zai san ba wai an kashe kawai ba, har da sa'ar da aka kashe, kuma daga nan zai iya duba wace sanarwa ce ta ƙarshe da mutumin ya gani kafin ya yanke hukunci. A ganina wannan bayanin ya fi duk wani jadawalin buɗewa daraja, kuma kaɗan ne suke tattara shi.

Kafin kashewa akwai alamu biyu da ke zuwa da wuri. Ɗaya ita ce sharewa da yatsa ba tare da an shiga ba, wadda ake kamawa a Android da `setDeleteIntent`. Sharewa ɗaya ba ta nufin komai, ɗan kasuwar nan na masara ma sharewa yake yi. Abin lura shi ne mutumin da a da yake buɗe ɗaya cikin uku, yanzu ya share goma a jere. Ɗaya alamar kuma ta zo da Android 8 a 2017, lokacin da aka tilasta wa manhajoji su kasa sanarwarsu zuwa tashoshi, mai waya ya iya rufe tasha ɗaya ya bar sauran. Manhajar da ta raba tashar "saƙon ciniki" da ta "talla da tayi" ta ba mutum ƙaramar ƙofar da zai nuna ɓacin ransa ba tare da ya rufe gidan duka ba. Wadda ta cusa komai a tasha ɗaya kuwa, ranar da tallar ta ishe shi har sanarwar shigar kuɗinsa zai toshe.

Dalilin da ya sa nake ba wa kashewa wannan nauyin shi ne wuyar dawowa. A iPhone sau ɗaya tak wayar ke nuna akwatin neman izini, wanda ya ƙi sai dai ya je saiti da ƙafarsa ya kunna. Android ta daɗe tana ba kowace manhaja izini kyauta, amma daga Android 13 da ta fito a 2022 sai an nema ta hanyar `POST_NOTIFICATIONS`, kuma wanda ya ƙi har sau biyu ba za a sake nuna masa akwatin ba. Buɗewar da ka rasa yau za ka iya samun wata gobe. Izinin da ka rasa kuwa, mutum kaɗan ne ke komawa su mayar maka.

Yanzu ga tambayar kanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko tsohon rahoto a kwatanta waɗanda suka sami sanarwa da yawa da waɗanda suka sami kaɗan. Wannan kwatancin ba ya tsayawa, domin a yawancin manhajoji wanda ya fi amfani da su shi ne ya fi samun sanarwa, kuma shi ne ya fi haƙuri da ita. Za ka fito da sakamakon cewa yawan turawa yana riƙe mutane, alhali son manhajar ne ya jawo duka biyun. Hanya ɗaya da ke raba gardama ita ce gwaji, a kasa mutane ta ƙuri'a, ba ta zaɓin kowa ba.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Alƙaluman na ƙaddarawa ne don a ga yadda lissafin ke tafiya, kowa zai sa nasa a gurbinsu. Mu ɗauka akwai manhaja da ke kawo farashin hatsi daga kasuwar Dawanau da sauran kasuwanni, tana da mutum 30,000 masu Android da sanarwarsu ke kunne. An kasa su uku, kowane rukuni 10,000. Rukunin farko ana tura masa sau 3 a mako, na biyu sau ɗaya a rana, na uku sau 3 a rana. Wannan ƙayyadewar ta shafi labarai da tayi ne kawai, saƙon da mutum ya nema da kansa, kamar "sanar da ni idan gero ya sauko", ba a taɓa shi a kowane rukuni. Aka bar gwajin mako huɗu.

Rukunin farko an tura masa saƙo 120,000, an buɗe 9,600, kashi 8 cikin ɗari ke nan, mutum 100 suka kashe. Na biyu an tura 280,000, an buɗe 16,800, kashi 6, mutum 200 suka kashe. Na uku an tura 840,000, an buɗe 25,200, kashi 3, mutum 900 suka kashe.

Mai kallon kaso zai ce na farko ya ci. Mai kallon jimillar shigowa, wanda galibi shi ne mai sayar da gurbin talla, zai ce na uku ya ci, kuma yana da hujja tunda 25,200 ta fi 9,600 nesa ba kusa ba. Dukansu suna kallon rukuni ne a dunƙule, alhali abin da ake son sani shi ne me ƙarin ya kawo, me kuma ya ci. Daga rukunin farko zuwa na biyu an sami ƙarin buɗewa 7,200, an rasa ƙarin mutum 100. Kowane mutum da aka rasa an musanya shi da buɗewa 72. Daga na biyu zuwa na uku an sami ƙarin 8,400, an rasa ƙarin mutum 700. A nan kowane mutum ya tafi a kan buɗewa 12 kacal.

Sai a tambaya, shi mutum ɗaya mai sanarwa a kunne nawa yake kawowa idan an bar shi? A rukuni na biyu, 16,800 a raba wa 10,000 ya ba da 1.68 a mako huɗu. Shekara tana da irin wannan zangon guda 13, saboda haka mutumin da zai zauna shekara zai kawo buɗewa kusan 22. Ka ga ke nan tashi daga sau 3 a mako zuwa sau ɗaya a rana ciniki ne mai riba, an ba da 22 an karɓi 72. Tashi daga ɗaya a rana zuwa uku kuwa an ba da 22 an karɓi 12, garin neman gira an rasa ido. Iyakar wannan manhajar tana wani wuri tsakanin ɗaya da uku a rana, kuma gwaji na gaba sai ya gwada biyu.

Lissafin ya jingina a kan wasu zato, kuma ya kamata a san su. Na farko shi ne tsawon zaman mutum. Idan masu wannan manhajar 'yan kaka ne, su shigo lokacin girbi su watse bayan wata uku, to ba shekara za a lissafa musu ba. Buɗewa 12 daidai take da abin da mutum ɗaya ke kawowa a mako 29 ko kusa da haka, don haka idan yawancin mutanenka ba sa kaiwa nan, lissafin buɗewa zalla zai goyi bayan uku a rana. Ko a hakan ni ba zan ba da shawarar ba, domin wanda ya toshe ka ba tallarka kaɗai ya toshe ba, har sanarwar geron da ya nema da kansa, kuma ita ce dalilin da ya sa ya sauke manhajar tun farko. Na biyu shi ne yadda kashewar ta rarrabu cikin makonnin. Idan 700 daga cikin 900 ɗin nan a makon farko suka tafi sannan abin ya lafa, to masu saurin gajiya ne suka fita, sauran za su iya jurewa. Idan kuwa kowane mako sama da 200 ne ke tafiya ba sauƙi, to zubar ba ta tsaya ba, kuma wata mai zuwa ma haka za a yi. Shi ya sa gwajin mako ɗaya ba ya isa. Buɗewa tana nuna kanta a rana ɗaya, gajiya kuwa taruwa take yi.

Girman rukuni ma yana da nasa hukuncin. Ƙididdiga irin wannan tana rawa da kanta da kimanin tushen murabba'in adadin: 100 zai iya zama 90 ko 110 ba tare da wani dalili ba, 200 kuma ya motsa da kamar 14. Tazarar 100 da 200 ta fi ƙarfin wannan rawar, don haka za a iya dogara da ita. Amma da rukunin mutum 500 ne, da 5 da 10 za ka gani, kuma a nan sa'a kaɗai za ta iya haifar da bambancin. Ƙaramar manhaja gara ta yi rukuni biyu masu tazara sosai ta kuma tsawaita gwajin, da ta yi huɗu da ba za su faɗa mata komai ba.

Da hali, a ware ƙaramin rukuni na huɗu da ba a tura masa labarai ko tayi sam. Shi ne zai nuna mutum nawa ne dama za su shigo da kansu. Ɗan kasuwar da kullum yake duba farashi bayan sallar asuba, idan sanarwarka ta iso a daidai lokacin ya bi ta kanta ya shiga, rahoto zai rubuta wa sanarwar ladan shigowar da ba ita ta kawo ba.

Akwai wani abu da ke ɓata irin wannan gwajin a wurarenmu, kuma wanda ya karanta rahoto daga nesa ba zai gan shi ba. Mutane da yawa a Kano ko Maraɗi ba sa barin data a kunne yini guda. A kunna a duba saƙonni a kashe, don ta kai ƙarshen mako, ko don caji ya kai dare. Firebase kuwa idan bai sami waya ba ajiye saƙon yake yi, har tsawon mako huɗu in ba ka faɗa masa wani wa'adi ba, kuma saƙonnin `data` da ba a ce su maye gurbin juna ba yana tara har guda 100 a kowace waya. Ka duba abin da ke faruwa da mutumin rukuni na uku da ya yi kwana biyu bai kunna data ba. Yana kunnawa da yamma wayar ta hau kaɗawa a hannunsa, sanarwa shida a jere cikin daƙiƙu kaɗan, huɗu daga ciki farashin shekaranjiya da jiya ne da ba su da sauran amfani. Ya danne ɗaya da yatsa, maɓallin kashewa ya fito, shi ke nan. A rajistarka an rubuta cewa ka tura uku a rana, tazarar sa'o'i biyar tsakaninsu. Shi abin da ya gani shida ne a lokaci ɗaya.

Saboda haka yawan da za a auna shi ne wanda ya bayyana a allon mutum da lokacin da ya bayyana, ba wanda ya bar sabar ba. Alamar cewa wannan matsalar ce ke damunka ita ce ka ga yawancin kashewa tana zuwa cikin 'yan mintuna bayan sanarwa uku ko fiye sun sauka tare. Maganin kuma ba ya buƙatar rage ko saƙo ɗaya daga jadawali:

```json
"android": { "ttl": "10800s", "collapse_key": "farashi" }
```

Na farkon yana cewa idan sa'a uku ta wuce ba a sami wayar ba a jefar da saƙon. Na biyun yana cewa sabon saƙon farashi ya maye gurbin tsohon da ke jira, mutum ya sami na ƙarshe kaɗai. Ya kamata a gyara wannan kafin a fara gwajin yawa, in ba haka ba za a ɗora wa "uku a rana" laifin da na tarin saƙo ne. Haka nan tsarin tattalin batir na wayoyi da dama yana tsayar da manhajar da ba a buɗe ba, kuma manhajar da aka tsayar da ƙarfi ba ta karɓar saƙo har sai an sake buɗe ta. Mai irin wannan wayar zai bayyana a rahoto kamar wanda ya daina kula ka, alhali ba abin da ya iso masa. Idan ka kasa rahoton `Received` bisa ƙirar waya, za ka ga ko wata ƙira ce ta fi sauran zubar da saƙo.

Ko bayan an samo iyaka ta gaba ɗaya, ba kowa ne take yi wa daidai ba. A cikin rukuni na uku akwai dillalan da uku a rana ma ba ta ishe su ba, a cikin na farko kuma akwai waɗanda uku a mako ta yi musu yawa. Ƙa'ida mai sauƙi tana rage wannan: wanda ya bar sanarwa 8 ko 10 a jere ba tare da ya buɗe ko ɗaya ba, kuma bai shigo manhajar da kansa a tsakanin ba, a mayar da shi ɗaya a mako, ranar da ya buɗe a maido shi matakinsa na da. Sharaɗin shigowa da kansa shi ke kare ɗan kasuwar da ke karanta farashi a saman allo. Inda za a sa iyakar, ko 8 ko 10 ko 15, rajistarka ce za ta nuna: ka ɗauki duk waɗanda suka kashe a wata ukun da suka wuce, ka ƙirga sanarwa nawa kowannensu ya bari a jere kafin ya kashe, ka sa iyakar ƙasa da inda yawancinsu suka taru. Ita ma wannan ƙa'idar a gwada ta a kan rabin mutane a bar rabi, a ga ko adadin masu kashewa ya ragu a mako huɗu.